Wasiƙar da zan tura wa malamar da ba mu ɗauka ba, ku duba min

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara cikin gaggawa. A makarantar da nake aiki, ta kuɗi ce nan cikin Kano, mun nemi malamin lissafi na SS1 zuwa SS3. Mutum huɗu muka kira intabiyu, kowa ya yi tambayoyin baki sannan ya shiga aji ya koyar da darasi na minti ashirin muna zaune a baya muna ba da maki. Biyu daga ciki tun a ajin muka san ba za su iya ba, to sauran biyun ne matsalar, namiji da mace, shi ya samu 81 ita 78 kuma wallahi da gurbi biyu ne da duka za mu ɗauka. Mai makaranta ya ce a ɗauki namijin, ni kuma aka bar ni da rubuta wa malamar, ya ce kar a rufe mata ƙofa don akwai yiwuwar malamin JSS ɗinmu ya tafi ƙaro karatu a Janairu. Ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga Malama Wance. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kina lafiya tare da iyali baki ɗaya. Hukumar makaranta tana miƙa godiyarta bisa amsa gayyatarmu da kika yi, kuma mun yaba matuƙa da ƙwazonki da iliminki da tarbiyyarki. Kamar yadda kika sani komai yana da lokacinsa, kuma a wannan karon Allah bai yi ba. Amma ki kwantar da hankalinki, nan ba da jimawa ba in sha Allah za mu neme ki."

Ya kuka gani? So nake in tura yau.

Abba Kurna:
Wa alaikumussalam Anti. Ni dai ban ga laifinta ba, akwai ladabi, kuma ko wannan ma kun yi ƙoƙari tunda yawancin wurare ko saƙon waya ba sa turawa. Abu ɗaya zan ƙara, ki sa mata makin. Ki ce ke 78 shi 81, in ta ga maki uku ne tsakani za ta san ba sanayya aka yi ba, hankalinta zai kwanta.

Ɗanjuma Mai Waya:
Ku yi hattara fa, in za ku sallami ma'aikaci sai da notis ko ku biya ta kuɗin da zai maye gurbin notis ɗin, kar ta kai ku ofishin ƙwadago.

Ummu Sadiq:
A'a Malam Ɗanjuma, ba ma'aikaciyarmu ba ce, intabiyu kawai ta zo. Ba a ɗauke ta ba balle a sallame ta.

Ɗanjuma Mai Waya:
Au to, ban karanta har ƙasa ba. To in haka ne ai ba ta bin ku komai.

Baba Inuwa:
Ummu Sadiq, kafin ma mu zo kan wasiƙar ina da tambaya. Shi wanda kuka zaɓa ɗin ya karɓi takardar ɗaukar aiki ya sa hannu ya dawo da ita? Kun daidaita kan albashi da ranar farawa?

Ummu Sadiq:
Baba jiya dai firinsifal ya kira shi ya ce ya amince, takardar sai Litinin zai zo ya karɓa. Albashin an faɗa masa a waya bai ce komai ba.

Baba Inuwa:
To kar ki tura yau 'yata. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma amincewar waya ba abin dogaro ba ce, musamman wanda aka faɗa wa albashi ya yi shiru. Malamin lissafi mai kyau a irin wannan lokaci da ake shirin komawa makaranta a Satumba ba ku kaɗai ke nemansa ba, yana iya zuwa wajen tsohon mai gidansa ya ce an ba ni kaza a can, a ƙara masa dubu goma ya zauna abinsa. In kin riga kin tura wa malamar cewa ba a ɗauke ta ba, ranar Talata za ki dawo kina kiranta, za ta zo dai watakila amma ta san don wani ya ƙi ne aka tuna da ita, kuma watakila ma ta riga ta karɓi wani wurin.

Abin da za ki yi yau saƙo ne gajere, layi biyu: muna kan kammala shawara, za ki ji daga gare mu kafin ranar Laraba in sha Allah. Ki sa ranar, kuma ki cika. Su biyun da ba su kai ba kuwa ki sallame su yau, babu dalilin riƙe su. In ya sa hannu Litinin, Talata ki kira ta, wasiƙa ta biyo baya a ranar.

Wasiƙar kuma akwai gyara amma bari in yi sallah in dawo.

Zee Fagge:
Kafin Baba ya dawo bari in faɗa miki abin da wannan jimlar ta ƙarshe take yi wa mutum, don ni an min. Bayan na gama bautar ƙasa na je intabiyu wani kamfani, aikin akawu, aka ce min kusan kalmomin nan naki sak, ki kwantar da hankalinki za mu neme ki ba da jimawa ba. A satin wani shagon magani ya ba ni aiki, albashin bai kai na kamfanin ba, na ce su ɗan ba ni lokaci, suka ɗauki wata. Na zauna ina jiran kira, duk baƙuwar lamba in ta shigo gabana ya faɗi, in ina wanka ƙanwata nake bar wa wayar na ce ko waye ki ɗaga ki ce ina zuwa. Har mahaifiyata ta fara faɗa wa 'yan uwa wai na kusa fara aiki. Shiru har yau. Na san su a ganinsu lallashina suka yi, amma da sun ce min ba mu ɗauke ki ba, ki nemi wani wuri, da kukan kwana ɗaya zan yi in karɓi na shagon. Dan Allah Anti ki cire wannan jimlar, ko ki faɗi takamaiman abin da kuke nufi.

Ummu Sadiq:
Subhanallah, Allah ya musanya miki da mafi alheri Zee. Amma mu fa da gaske muke, maganar Janairun nan tana nan.

Zee Fagge:
Amin Anti. To in malamin naku ya fasa tafiya fa? Ko bai samu gurbin karatun ba?

Baba Inuwa:
Yauwa, tambayar Zee ita ce maganar. Malamin JSS ɗin bai ajiye aiki ba, bai rubuta komai ba, to babu gurbi a hannunku, zato ne. Abin da ba ya hannunka ba ka sa shi a takarda mai ɗauke da hatimin makaranta. Kuma ki tuna in kika rubuta cewa wane zai tafi a Janairu kin fitar da sirrin ma'aikacinku ga wadda ba 'yar gida ba, Kano kuma malaman makarantun kuɗi duk sun san juna.

Wasiƙar taki, babban abin da ya same ta shi ne babu inda ta ce ba a ɗauke ta ba. Ki sake karantawa. Gaisuwa, godiya, yabo, Allah bai yi ba, za mu neme ki. Wadda take cikin ɗoki za ta iya fahimtar cewa an ɗage ne kawai. Hukuncin ya kamata ya zo a jimla ta biyu ko ta uku, a fili, saboda mutum yana buɗe saƙon idonsa abu ɗaya yake nema, duk abin da kika jera kafin nan ba karantawa zai yi ba, tsallakewa zai yi. Ban ce kar a ambaci Allah ba, addu'a tana da wurinta a ƙarshe, amma ku ne kuka zauna kuka yanke shawara, to ku ce mun yanke. Haka ya fi mutunta ta.

Sai yabon. Ƙwazo, ilimi, tarbiyya, wannan ko su biyun da suka kasa za ki iya tura musu shi ba ki canza harafi ba, kuma ita ma za ta gane haka. Me ta yi a ajin nan da ya sa har kike jin nauyin rubuta mata? Ki faɗa mana.

Ummu Sadiq:
Baba, 'yan SS2 masu darasin hutu muka ba ta, aljebra. Akwai wani yaro da ya ba da amsa ba daidai ba, ajin ya fara dariya, sai ta ɗaga hannu suka yi tsit, ta ba shi alli ta ce zo ka nuna mana yadda ka bi. Yana rubutawa a allo layi na uku ya tsaya da kansa ya ce au, alamar ragewa na manta da na tsallakar da bakwai ɗin. Ta ce to ka ga kai ka gano ba ni ba. Da ta fita yaran har tambayata suke Anti ita ce za ta dinga mana? Shi ɗin ma ya iya sosai fa, sai dai shi yana da shekara huɗu yana shirya ɗalibai jarabawar WAEC da NECO kuma yana da rajistar hukumar yi wa malamai rajista, wato TRCN, ita kuma digirinta na lissafi ne zalla ba ta yi difilomar koyarwa ta bayan digiri ba, wato PGDE, koyarwarta shekara biyu ce duk a JSS. A nan maki ukun suka tafi.

Baba Inuwa:
Alhamdulillah, to ai kin rubuta wasiƙar yanzu ba ki sani ba. Wannan na allon shi za ki sa, jimla ɗaya tak. In ta karanta za ta san an kalle ta da gaske, kuma in kuka ce kuna son sake ganin ta za ta yarda. Ga yadda ni zan tsara, ki gyara ya dace da bakinku:

"Malama Wance, assalamu alaikum.

Mun gode da zuwanki intabiyu da darasin gwaji ranar Talatar da ta wuce. Bayan kwamiti ya zauna, mun ba wani daga cikin waɗanda muka gana da su gurbin malamin lissafi na babbar sakandare, don haka ba mu ɗauke ki ba a wannan karon.

Shawarar ba ta zo mana da sauƙi ba, kina cikin mutum biyu na ƙarshe. Abin da ya rinjaya shi ne gurbin yana buƙatar wanda ya daɗe yana shirya ɗalibai jarabawar kammala sakandare. Kwamiti ya yaba musamman da yadda kika bar ɗalibi ya gano kuskurensa da kansa a kan allo.

A yanzu ba mu da wani gurbi, kuma ba ma so ki dakatar da neman aiki saboda mu. Amma muna so mu ajiye takardunki har ƙarshen wannan shekarar karatu, in gurbin lissafi ya buɗe mu fara tuntuɓarki kafin mu yi talla. In kin amince ki amsa mana wannan saƙo, in kuma kin fi so mu goge su sai ki faɗa mana.

Muna miki fatan alheri, Allah ya zaɓa miki mafi alheri."

Sai suna da muƙami da lambar ofis. Ki lura alƙawari ɗaya ne kawai a ciki, cewa za ku fara kiranta kafin talla, kuma wannan yana hannunku. Amma kafin ki tura ki kai wa mai makaranta ya karanta wannan sakin layin ya ce ya yarda, don in Janairu ta zo ya kawo ɗan abokinsa ke ce sunanki yake ƙasan takardar.

Abba Kurna:
Baba ta yi kyau gaskiya, amma har yanzu ina kan bakana kan makin. Kun ce tana cikin biyun ƙarshe, to me zai hana a faɗi lambar? Ɓoyewar ce take sa mutane zargi.

Baba Inuwa:
Abba, kana da gaskiya a rabi, mutum yana da haƙƙin ya ji dalili na gaskiya, shi ya sa na sa dalilin. Amma makin wancan mutumin nasa ne, ba a ba wani. Nata kuma in ka ba ta 78 ba tare da takardar makin ba ba ta san me yake nufi ba, in kuma ka ce maki uku ne tsakani ka buɗe ciniki. Za ta fara lissafi, wane ne a kwamitin ya rage min, in da na amsa tambaya kaza da kyau fa, sai ka ga an turo kawunta ko limamin unguwa wajen mai makaranta ana cewa maki uku ne kawai a taimaka. Kuma maganar gaskiya mutum uku su zauna su ba da maki kan darasin minti ashirin, in ka sake zaman gobe ukun nan na iya juyawa. Abin da ya raba su da gaske shi ne shekarun WAEC ɗin, shi kuma an faɗa.

Abba Kurna:
Hmm. To na ji kan nasa makin. Nata dai in ta tambaya ni a ganina a ba ta.

Maryam Lauya:
Ina bin ku tun ɗazu, bari in sa baki kan ajiye takardu tunda mutane suna ɗaukarsa ba komai ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma takardun neman aiki bayanan mutum ne, akwai adireshi, lambar waya, ranar haihuwa, wasu har da NIN suke haɗawa. Ta ba ku ne don gurbi ɗaya, in an gama wannan kuna son riƙewa don wani abu daban to abin da ya fi tsafta ku nemi izininta ku kuma faɗi har zuwa yaushe, wanda Baba ya riga ya sa. Ki ajiye amsar da za ta turo tare da fayil ɗin. Kuma wa'adin in ya cika a goge da gaske, ba a bar su a kwali a sito ba, ni na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a kwafin sakamakon jarabawar wata baiwar Allah har da hotonta.

Shi kuma Abba, a ƙarƙashin dokar mutum yana iya neman a nuna masa bayanan da aka riƙe a kansa, don haka in ta rubuto tana tambayar nata makin kar ku yi mata gardama kai tsaye, ku nemi shawara. Saboda haka ma duk abin da 'yan kwamiti suke rubutawa a gefen takarda su rubuta abin da ba za su ji kunya ba in ta gani. Kar wani ya rubuta mai ƙaramin yaro ce ko za ta iya yin ciki.

Ummu Sadiq:
Wallahi Barista an yi wannan maganar a zaman, wani ya ce goyo gare ta za ta dinga makara. Firinsifal ya tsawatar ya ce ba ya cikin abin da muke auna, kuma ba a rubuta ba.

Maryam Lauya:
Allah ya saka masa. To a waya ma kar ya kuɓuce miki ko da sigar tausayawa ce, irin ai gara ma ki samu ki yaye yaron. In ta ji wannan duk dalilin da kika rubuta ya zama ƙarya a wajenta.

Hassan Ɗorayi:
Ni tambayata daban, wai wayar ta mece ce in za a tura wasiƙa? Ni na fi so a turo min in karanta ni kaɗai a ɗaki, ba a kira ni ina cikin A Daidaita Sahu a faɗa min an ƙi ni kuma dole in ce na gode ba komai alhali muryata tana rawa.

Zee Fagge:
Ni kuma wayar na fi so, wanda ya ɓata kati ya kira ka ya ɗauke ka mutum.

Baba Inuwa:
Duka biyun akwai su, ban isa in ce ɗaya ne daidai ba. Ni abin da na saba, wanda ya zo har matakin ƙarshe ina kiransa, farkon abin da nake tambaya kana inda za ka iya magana? In ya ce a'a sai in ce yaushe zan sake kira. Minti biyu uku ne, ba a ja. Amfanin wayar a nan akwai abin da zai taimake ta wanda ba na so ya shiga wasiƙa don kar ya zama kamar sharaɗi, wato maganar PGDE. Ki ce mata Malama in kina son shawara, digirin lissafi zalla ba ya ba ki rajistar TRCN sai kin haɗa da PGDE, ana yi a jami'o'i kuma cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ma tana yi da cibiyoyi a jihohi, mutum yana aikinsa yana yi. Ko ba wajenku ba wannan zai buɗe mata wurare. Amma ki ce shawara ce daga ke, kar ta ɗauka in ta kawo takardar aiki ya tabbata. In kuma kin ji muryarta ba ta son doguwar magana ki bar shi, ki ce ina nan in kina son mu yi magana daga baya.

Hassan Ɗorayi:
To ko a tura wasiƙar da safe a rubuta a ƙasa cewa zan kira ki da yamma in kina so. Sai mutum ya gama jin zafinsa tukuna.

Ummu Sadiq:
Wannan ma ta yi min Malam Hassan, zan duba. Wata tambayar, da Hausa ko da Turanci? Da Turanci muka yi intabiyun, takardunmu na ofis ma duk Turanci ne, amma na ga ta Hausar ta fi taushi. Kuma imel ko WhatsApp?

Maryam Lauya:
Harshen da kuka gayyace ta da shi, a kan takarda mai kan makaranta, don kwafi zai shiga fayil. Wayar ki yi da Hausa. Ta inda kuka saba magana da ita ta nan za ki tura, in WhatsApp ne ki sa wasiƙar a PDF daga lambar makaranta ba taki ba, in ba haka ba Janairu tana yi ke za a dinga gaisarwa kullum da asuba. Kuma ki tabbata babu takardunta na asali a hannunku.

Ummu Sadiq:
Kwafi ne kawai. Na tura mata saƙon jiran yanzu, na ce kafin Laraba, ta amsa da to Allah ya kai mu na gode. Su biyun ma na tura musu nasu.

Sai abu na ƙarshe, ƙawata tana riƙe da wata makaranta wajen Hotoro kuma na san suna neman malamin lissafi na JSS yanzu yanzu. Zuciyata tana ce min in haɗa su, amma in ta samu can shi kenan mu Janairu mun rasa ta, kuma ban san ya mai makarantarmu zai ɗauka ba in ya ji.

Zee Fagge:
Ki haɗa su Anti dan Allah. Wata huɗu ba albashi ba wasa ba ne ga mai goyo, kuma naku ɗin ma ba tabbas.

Abba Kurna:
Amma fa albashin mutumin take ci, ya ce kar a rufe ƙofa ita kuma ta kai ta gidan wani? Ni ina ganin a bari a ga Litinin tukuna.

Baba Inuwa:
Litinin dai dole a jira, don in wancan bai sa hannu ba aikin nata ne. Bayan nan ki tambayi mai makaranta a fili, kar ki yi a ɓoye, kuma ki tambayi ita malamar kafin ki ba kowa lambarta. In ya ce a'a ki dawo mu ji dalilinsa, don in yana son riƙe ta har Janairu akwai hanyar da ta fi, ya ba ta darasin Asabar na 'yan JSS3 ya dinga biyanta.

Ummu Sadiq:
Darasin Asabar ɗin akwai mai yi Baba, amma ajin ya yi yawa, yara sun haura hamsin kuma an taɓa maganar raba shi biyu. Bari in same shi gobe bayan taron malamai in ji ko kuɗin zai fita.